Asibitin dabbobin da na kai Duna: likitar ta san aikinta, amma awon farko ya kusa yaudarar mu

In ana maganar ilimi, likitar wannan asibiti ta kai a yaba mata, kuma zan yaba. In ana maganar yadda suke riƙe da awon da mutum ya biya kuɗinsa, to har yanzu raina bai huce ba. Ba zan kama sunan wurin ba, amma duk mai tsohon kare da aka ce ana zargin cutar yawan kotizol, wadda likitoci ke kira cutar Cushing, ya karanta kafin ya zare kuɗi.

Duna kare ne na gadi, shekararsa 10, nauyinsa kilo 18. Abin da ya kai ni asibiti shan ruwa ne da ya wuce hankali da fitsari ba ƙaƙƙautawa. Da a watan Afrilu ne da na ce zafi ne, amma cikin sanyin hunturu yake haki tsakar dare kamar wanda ya sha gudu. Cikinsa ya zazzago ƙasa, ƙafafun baya suka sirance, gashi ya kwashe a kuiɓi biyu daidai wa daida, ga cin abinci ba ya ƙoshi. Masu ba da shawara a unguwa wasu suka ce tsutsar ciki ce, wasu suka ce ƙazuwa. Sai dai ba ya susa, kuma wannan shi ne abin da likitar ta fara lura da shi: zubar gashi ba ƙaiƙayi, a ɓangarori biyu iri ɗaya, ga fata ta yi shara-shara har ana ganin jijiyoyi a ciki.

Abin da ya fara burge ni shi ne ta ƙi yin awon cutar a ranar. Na je da kuɗina, na ce a ɗebi jini a auna kotizol a huta. Ta ce, "Malam, in na ɗebi jini sau ɗaya na auna, kuɗinka kawai na ci." Ta bayyana mini cewa kotizol sinadari ne da jiki ke fitarwa a lokacin wahala ko tsoro, yana hawa yana sauka cikin yini ɗaya. Lafiyayyen kare da aka ɗauko a mota, aka danne a kan tebur, zai iya nuna adadi sama da na mai cutar da ke kwance a gida. Awo ɗaya tak ba ya tabbatar da komai, ba ya kuma kore komai.

Tambayar da ta yi mini daga nan ita ce ko an taɓa ba shi firednisolon ko deksametazon, magunguna masu aiki irin na kotizol, ko man shafawa, ko maganin ɗigawa a kunne mai irin wannan sinadari. A nan inda kowa ke shiga kemis ya sayo deksa don ƙaiƙayi, tambaya ce mai nauyi, domin waɗannan magunguna su kansu suna haifar da duk alamomin nan in aka daɗe ana ba kare. Firednisolon ma yana rikita na'urar awo, ta ƙirga shi a matsayin kotizol. Ta ce wanda karensa ya daɗe a kan irin maganin kada ya tsayar da shi rana ɗaya, janyewa ake yi sannu a hankali. Duna bai taɓa sha ba, sai muka wuce.

Ta sa na auna ruwan da yake sha a yini. Ƙa'idar ita ce duk karen da ke shan fiye da mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa ya wuce iyaka. Ga Duna iyakar lita 1.8 ke nan, shi kuwa yana dosar lita 3. Awon jini na gama-gari ya nuna wani sinadarin hanta da ake kira ALP ya hau sosai, fitsarin kuma tsararo ne kamar ruwa. Ni da na ga adadin ALP ɗin na ce shi ke nan, an gano. Ta ce a'a, ALP yana hawa da ciwon hanta, da ciwon sukari, da maganin farfaɗiya irin su fenobabital, har tsofaffin karnuka da yawa da ba su da wannan cuta. Kuma ga wani abu: an samu ƙwayoyin cuta a mafitsararsa, an kuma samu zazzaɓin kaska a jininsa. Ta ce sai an magance waɗannan tukuna, domin kare mai fama da wata rashin lafiya jikinsa na zuba kotizol, awon zai ce yana da cutar alhali babu. A ranar na koma gida ina cewa na samu asibiti.

Bayan ya warke daga waɗancan, shan ruwan bai ragu ba. Sai aka yi awon kotizol a fitsari, wanda ake rubutawa UCCR a takarda. Ta hana a tari fitsarin a asibiti. Ta ce in bari a ƙalla kwana biyu su wuce bayan zuwa wurinsu, in tari na farkon safiya a gida, yana cikin natsuwa. Amfanin wannan awo ɗaya ne: in ya fito ƙasa, kusan an sallami kare daga zargi. In ya fito sama, bai ce komai ba tukuna, domin abubuwa da yawa na ɗaga shi. Na Duna ya fito sama.

Daga nan ne muka zo babban awon, LDDST, kuma a nan ne aka ɓata mini rai.

Yadda ake yin sa: a ɗebi jini da safe, a yi wa kare allurar deksametazon ɗan kaɗan a jijiya, a sake ɗiba bayan awa 4, a sake bayan awa 8. Hikimar ita ce, a lafiyayyen kare, ƙwaƙwalwa na ganin wannan allura sai ta ɗauka kotizol ya wadata, ta daina aika wa ƙananan halittun nan biyu da ke saman ƙoda, adirinal, saƙon su ƙara fitarwa. Sai kotizol ya faɗi ƙasa ya zauna can har awa 8. A mai cutar ba ya zama ƙasa. Yawancin ɗakunan awo suna yanke hukunci a wajen 1.4 µg/dL a awa ta 8: in ya haura haka, alamar cuta ce.

Sakamakon Duna ya dawo fes. Awa 4 ƙasa, awa 8 ƙasa. Wani ma'aikaci ya kira ni a waya yana mini murna, ya ce kare lafiya lau, tsufa ne kawai. Na yi farin ciki, amma kare na gabana yana shanye bokiti.

Likitar ce da kanta, da ta dawo ta duba fayil, ta ce wannan sakamako bai yi kama da karen da ta gani ba. Ta nemi takardar da aka rubuta allurar. Ma'aunin wannan awo miligiram 0.01 ne a kan kowane kilo, wato ga kare mai kilo 18 miligiram 0.18 kacal. Kwalbar da suke da ita miligiram 4 ce a kowace mililita, don haka abin da ya kamata a zuƙa bai kai mililita 0.05 ba, ɗigo ɗaya ke nan. Shi ya sa ake fara tsinka maganin da ruwan allura kafin a zuƙa. Wanda aka bar wa aikin bai tsinka ba, ya zuƙi mililita 0.45. Ninki goma. Ya mayar da awon ƙaramin ma'auni ya koma na babban ma'auni, miligiram 0.1 a kowane kilo, wanda aikinsa daban ne. Karnuka 80 zuwa 85 cikin 100 masu wannan cuta, tushenta ɗan ƙari ne a fituwitari, can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma akasarinsu in aka danƙara musu babban ma'auni kotizol ɗinsu na sauka. Wato awon ya nuna lafiya ne saboda an murƙushe cutar na 'yan awoyi, ba don babu ita ba.

Na ji daɗi da ta gano, ta kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. Amma ku duba: da tana hutu a wannan mako, da na tafi da takardar da ke cewa Duna lafiyarsa ƙalau, da ko wane likita na kai wa ita daga baya zai cire wannan cuta daga lissafi. Awon da duk ingancinsa ya rataya a kan ɗigo ɗaya, a bar shi hannun wanda ba a tsaya a kansa ba? Sannan da aka zo maimaitawa, suka yafe kuɗin aikinsu amma suka ce kuɗin ɗakin awo da na aika jini sai na sake biya. Kun san abin da awon kotizol sau uku ke ci. Kuskurensu, aljihuna. Na yi magana, mai karɓar kuɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ke da ɗakin awon ba." To ni ne da shi?

Wani abin da na tuna yanzu ma ya ƙara tunzura ni: a awon farko sun ajiye shi awa 8 a keji kusa da ƙofa, karnuka na shige da fice suna haushi. Likitar da ta yi mini dogon bayani kan yadda tsoro ke ɗaga kotizol, asibitinta ba shi da ɗaki ɗaya mai shiru. Wannan kuma kuskure ne da ke jan sakamako zuwa ɗaya gefen, ya sa lafiyayye ya fito kamar mai cuta. Kuma ba ƙaramin haɗari ba ne, domin maganin cutar, tirilostan, rage kotizol yake yi. In aka ba kare da ba shi da cutar, ko aka zarce ma'auni, kotizol na iya faɗuwa ƙasa da abin da jiki ke bukata, sai amai da gudawa da kasala, har a rasa kare.

A karo na biyu ita ta tsinka maganin a gabana, aka sa shi a ɗakin baya. Sakamako: 5.2 da safe, 0.9 a awa 4, sannan 2.6 a awa 8. Ya sauka ya sake tashi. Ta ce wannan salo, faɗuwa a awa 4 da kuɓucewa a awa 8, ya tabbatar da cutar kuma ya nuna tushenta fituwitari ne, ba ƙari a adirinal ba. Na tambaye ta me ya sa ba a yi ɗaya awon ba, na allurar ACTH, sinadarin da ke tunzura adirinal su fitar da kotizol, awon da awa ɗaya kawai yake ɗauka. Ta ce allurar tana da tsada da wuyar samu, kuma awon yana kuskure masu cutar da dama, musamman masu ƙari a adirinal. Inda ya fi amfani shi ne in ana zargin magani ne ya jawo alamomin, ko wajen bibiyar kare da ke shan tirilostan.

Duna yanzu yana kan tirilostan, ana ba shi tare da abinci. Shan ruwan ne ya fara raguwa, gashin kuwa an ce sai an yi watanni. Zan ci gaba da kai shi wurin saboda likitar, amma ban yarda kowa ya taɓa sirinji ba sai tana tsaye. Wanda zai je yin LDDST a can, ya nemi a rubuta masa nauyin karen, da miligiram nawa aka yi, da ƙarfe nawa aka ɗebi kowane jini, a jikin takardar sakamakon. Ya kuma tambaya tun kafin ya biya, in aka ɓata awo wa zai ɗauki kuɗin maimaitawa. Ni tawa rasit ɗin ta biyu tana nan, kuma ban daina neman a mayar mini da kuɗina ba.