Kuɗin shinkafa sun shigo hannu: banki, fili, hannun jari ko zinare?

A ce manomi a Argungu ya sayar da shinkafarsa a Disambar 2023, ya ware naira miliyan 2 ya ajiye. Bayan shekara guda kuɗin suna nan cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Sai dai a Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Abin da miliyan 2 ɗin za su saya a lokacin bai wuce abin da kusan miliyan 1 da dubu 480 suka saya a Disambar 2023 ba. Sama da dubu 500 sun zurare. A wurin mai taki da gidan mai zai gane haka, ranar da ya tashi shirin noman rani.

Asusun ajiya na banki bai tsare shi ba. Ko da yana karɓar kuɗin ruwa, kashi 8 ne ko kusa da haka a lokacin, balle da yawanmu ba ma karɓa. Amfanin tsabar kuɗi ɗaya ne: suna kusa. Kuɗin asibiti, na makaranta, da na takin da za a saya nan da wata uku, a bar su a banki.

Fili kan bi tsadar rayuwa, musamman a gefen Birnin Kebbi inda gari ke faɗaɗa, domin in siminti da rodi sun tashi, gida ma ya tashi. Amma ba a yanka fuloti a sayar da kusurwa ɗaya don biyan kuɗin magani. Ranar da ka matsu, dillali zai karanta hakan a fuskarka, kuma ga la'adarsa. Kafin ka biya, je ma'aikatar filaye ka tabbatar da takardar shaidar mallaka, ka tambayi mai unguwa ko filin gado ne da ba a raba ba, sannan ka je ka gan shi a watan Agusta, ba da rani ba. Wanda ya san ambaliyar 2020 a Kebbi ya san dalili.

Hannun jari yana tashi ne idan kamfanin na iya ɗora tsadar kan mai saye, kamar masu siminti da sukari. A 2024 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya ƙaru da kusan kashi 38, wato da kyar ya tsere wa hauhawar farashi. A 2008 kuwa ya zube da kusan rabi. Kuɗin da ba za ka nema ba sai bayan shekara biyar su ne na nan, kuma ta hannun dillali mai rajista.

Zinare ne ya fi jan hankalin mutanenmu, tunda ana haƙo shi a Yawuri da Anka, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna ajiya da shi. Da dala ake masa farashi, don haka in naira ta faɗi shi sai ya hau. A 2024 abin ya zo masa ta fuska biyu: farashin oza ɗaya, ma'aunin nauyin zinare a kasuwar duniya, ya tashi daga kusan dala 2,000 zuwa 2,600, naira kuma ta ƙara rauni. Amma shi ma yakan faɗi: daga kusan dala 1,900 a 2011 ya sauko kusa da 1,050 a ƙarshen 2015. Ba ya haihuwa kamar tunkiya, ba ya kawo haya, kuma in ya kai nisabi, kusan giram 85, ya shekara, akwai zakka a kan wanda aka ajiye don dukiya.

Inda ake cin mutane shi ne wajen saye. Karat 18 kashi 75 ne zinare, karat 21 kashi 87.5, karat 22 kusan 92. In aka ba ka 18 da sunan 21, an ci kusan kashi 14 na kuɗinka tun kafin ka fita daga shago. Sa a gwada a gabanka: a goga shi a dutsen gwaji, a ɗiga ruwan gwaji, a ɗora a sikeli kana kallo. Sarƙa mai ado da duwatsu ba ta ajiya ba ce, domin ranar sayarwa za a cire nauyin duwatsun, kuɗin ƙira kuma ba ya dawowa. Warwaro ko zobe mara ado ya fi. Ɗanyen zinare daga bakin rami kuwa, wanda ba sana'arsa ba ce ya bar wa masu ita.

Tambaya ɗaya nake so mai saye ya yi wa mai shago kafin ya zaro kuɗi: "Alhaji, in na dawo da shi gobe, nawa za ka karɓa giram?" In tazarar ta kai kashi 10, sai farashi ya hau fiye da haka kafin ka dawo da uwar kuɗinka.

Da ni ne manomin nan, dubu 700 na taki da mai za su zauna a banki, in kuwa da wurin ajiya mai kyau, na sayi takin tun yanzu. Sauran miliyan 1 da dubu 300 ba za su sayi fili mai takarda a wuri mai kyau ba, don haka zinare mara ado zan saya da mafi yawansu, da rasit mai ɗauke da karat da nauyi, ragowar in sa a hannun jari.