Gargaɗi: shafukan "gwaji na yuro ɗaya" da ke zarar kuɗi duk wata, da kalmomin da za a rubuta musu a imel

Jama'ar Katsina da Daura, musamman masu hulɗar kasuwanci da Maraɗi da Damagaram ta Jibiya da Kwangwalam, da ɗaliban da ke neman karatu ko aiki a ƙasashen Faransanci, a yi hattara da wasu shafukan intanet masu yin ƙananan ayyuka: tsara takardar neman aiki, fassara takarda zuwa Faransanci, haɗa fayilolin PDF, ko darasin koyon yare. Za su bar ka ka gama aikin tsaf, sai ka zo sauke takardarka su ce ka biya yuro ɗaya ko dala ɗaya. Wannan kuɗin ba na takardar ba ne. Kuɗin gwaji ne na kwana biyu ko uku, kuma a ƙasan maɓallin biya, da rubutu ƙanana masu dishi-dishi, an ce in wa'adin ya cika ba ka soke ba, ka shiga biyan wata-wata.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda kuɗi ke fita ba a turo musu lambar OTP ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A biyan farko ne ake tantance mai kati. Daga nan shafin ya ajiye izinin, cirewar da ta biyo baya shi ke tura ta da kansa, banki kuma yana kallon ta a matsayin biyan da ka riga ka amince da shi. Sau da yawa ma sunan da ke fitowa a alat ba shi ne sunan shafin ba, shi ya sa wani sai ya yi wata biyu yana zargin mai POS na unguwa.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa a Daura yana son a mayar masa da takardar kaya zuwa Faransanci. Ranar 3 ga Maris ya biya yuro 1 da katinsa. Ranar 5 ga Maris aka cire yuro 39.90. Ya duba imel ɗin rasit, ya danna amsa, ya rubuta cikin fushi cewa bai san da wannan kuɗi ba, su daina. Sannan ya ga wata kalma a can ƙasan saƙon, "Se désinscrire", ya danna, aka ce masa an yi. Ya kwantar da hankalinsa. Ranar 5 ga Afrilu aka sake cire 39.90.

Kuskure uku ne a nan, kuma a kansu masu shafin suka dogara. Rasit ɗin daga adireshi mai farawa da no-reply ko ne-pas-repondre ya zo, akwatin da babu mai buɗe shi. Abin da ya rubuta kuma ƙorafi ne, babu jimla ɗaya a ciki da ta ce ya soke yarjejeniya, don haka ko an karanta za a iya ba shi haƙuri a ci gaba da cirewa. Na ukun ya fi su cin mutane: "Se désinscrire" da "Unsubscribe" da ke ƙasan imel, a mafi yawan lokuta, saƙonnin talla kawai suke tsayarwa. Ka rufe bakin da ke sanar da kai, hannun da ke aljihunka yana nan.

Kafin a rubuta komai, a duba ta ina aka biya. In ta Google Play ko App Store ne, ba lallai imel zuwa ga masu manhaja ya tsayar da komai ba, goge manhajar daga waya kuwa ba ya tsayar da biyan. Can cikin asusunka za ka shiga, wajen Subscriptions, ka soke. In kuwa lambar kati ka saka kai tsaye a shafin, to nemi adireshinsu na gaske. A shafin Turanci yana cikin Terms and Conditions ko Contact. A na Faransanci, sauka ƙasan shafin ka buɗe Mentions légales, wato bayanan kamfani, da CGV, wato sharuɗɗan ciniki. Kamfanin Faransa na gaske dole ya sa sunansa da adireshinsa a nan, da lambar rajistarsa ta SIREN mai alƙaluma 9, wadda ake iya bincikawa kyauta a annuaire-entreprises.data.gouv.fr. Shafin da ke magana da Faransanci amma babu suna, babu adireshi, babu lamba, sai fom ɗin tuntuɓa kawai, ka riga ka san da wa kake hulɗa. Duk da haka a tura saƙon, domin amfaninsa yana gaba, a wajen banki.

A tura daga adireshin imel ɗin da aka yi rajista da shi, ba na ƙane ko na mai shagon kwamfuta ba, in ba haka ba za su ce ba su gane asusun ba. Ga na Turanci, sai a canza lambobi da kwanan wata:

```
Subject: Cancellation of subscription, order no. 48217

I am cancelling my subscription, order no. 48217,
with effect from today, 6 March 2025.
I withdraw my authorisation for any further charge
to my card ending 1234.
Please confirm the cancellation and its effective date
in writing within 7 days.
```

Ga na Faransanci:

```
Objet : Résiliation de mon abonnement, commande n° 48217

Madame, Monsieur,
Par la présente, je résilie mon abonnement, commande n° 48217,
à compter de ce jour, le 6 mars 2025.
Je révoque toute autorisation de débit sur ma carte
se terminant par 1234.
Merci de me confirmer par écrit la résiliation
et sa date d'effet sous 7 jours.
Cordialement,
```

Jimla uku ce, kowacce da aikinta. Ta farko sanarwa ce, ba roƙo ba. Mu Hausawa mun saba da lallashi a wasiƙa, sai mutum ya rubuta "I would like to cancel" ko "Je voudrais résilier" ko ya tambaya yadda ake sokewa. Wannan ƙofa ce ka buɗe musu: za su amsa da tayin ragi, ko tambayar me ya ɓata maka rai, har ranar cirewa ta zo. Kada kuma a yi amfani da "pause", "suspend" ko "suspendre", dakatarwa ce ta ɗan lokaci, biyan zai dawo da kansa. Jimla ta biyu ita ke janye izinin taɓa kati, ita ce kuma banki zai nema ya gani. Ta uku tana sa musu wa'adi, ta yadda shirunsu ma zai zama hujja. Alƙaluma huɗu na ƙarshen kati kaɗai ake rubutawa, ba a wuce nan.

A lura da kwanan wata. A rubuta sunan watan da harufa. In ka sa 06/03/2025, Bafaranshe zai karanta 6 ga Maris, kamfanin Amurka kuma ya karanta 3 ga Yuni, ka ga an ba shi wata uku kyauta.

Akwai wani bambanci a Faransanci da ke iya dawo wa mutum da kuɗinsa. "Résiliation" tana tsayar da biyan gaba ne, abin da aka ci an ci. "Rétractation" kuwa janyewa ce daga cinikin tun daga tushe. Dokar kare masu saye ta Faransa, a sashe na L221-18, ta ba wanda ya yi ciniki daga nesa kwana 14 ya janye ba tare da ba da dalili ba, kuma kamfani ya mayar da kuɗi cikin kwana 14 bayan an sanar da shi. Wanda ya yi rajista 3 ga Maris don amfanin kansa yana da dama har 17 ga Maris. In CGV ɗinsu sun ce dokar Faransa ce ke hukunta yarjejeniyar, sai ya ƙara wannan layi:

```
J'exerce mon droit de rétractation (article L221-18
du Code de la consommation) et je demande
le remboursement des sommes versées.
```

Sai dai wannan haƙƙi yana da iyaka. Na mai saye ne don amfanin kansa, wanda ya yi rajista da sunan kamfani ba lallai ya samu ba. Sannan in kaya ne na saukewa, kuma lokacin biya ka danna akwatin da ya ce ka yarda a fara nan take kana yafe haƙƙin janyewa, za su kafa hujja da shi. Masu irin waɗannan shafuka sun san da akwatin nan sarai, shi ya sa ba ya ɓacewa a fom ɗinsu. Ko da hakan ta faru, a bar layin sokewar yana nan, a haɗa biyun a saƙo ɗaya.

Yanzu ga inda damfarar ta fi muni. Bayan an tura saƙo, ko bayan mutum ya yi cigiya a fili a dandalin sada zumunta, sai amsa ta zo da fara'a: an karɓi buƙatarka, za a mayar maka da kuɗinka duka, danna nan ka tabbatar. Shafin da zai buɗe yana neman cikakkiyar lambar kati, ranar ƙarewarsa, lambobi ukun nan na baya, sannan OTP. Wani lokaci kuma lambar WhatsApp za a ba ka, wani ya ce ka turo "frais de résiliation" ko "cancellation fee" zuwa wani asusu kafin a rufe. Babu sokewar da ke buƙatar OTP. Mayar da kuɗi ma ba ya buƙata, domin kamfanin da ya cire yana da bayanan cinikin, ta kan katin da aka cira ake mayarwa. Duk OTP da ya shigo wayarka a wannan lokaci, karanta saƙon da kyau, za ka ga na fitar kuɗi ne. In akwai kuɗin sokewa na gaskiya, yana rubuce a yarjejeniyar tun farko, kuma ba a biyan sa a asusun wani mutum. A duba adireshin mai amsawa harafi-harafi, abin da ke bayan alamar @ ya zama daidai da na shafin da aka biya.

Kada a zauna jiran amsarsu. Ranar da aka tura saƙon a ɗauki hotonsa daga Sent, yadda adireshi da kwanan wata da lokaci za su fito, a haɗa da rasit na farko da alat ɗin cirewa. In katin dala ne na manhaja, a daskarar da shi ko a goge shi a buɗe sabo. In na banki ne, a kashe sayayyar intanet da ta ƙasashen waje a manhajar bankin, ko a je reshe a nemi a toshe katin a ba da wani mai sabuwar lamba, a kuma gaya musu a rubuce cewa an janye izinin wannan kamfani. Barin asusu babu kuɗi ba magani ba ne, na'urarsu za ta yi ta gwadawa har ranar da kuɗi suka shigo. Toshe kati kuma shi kaɗai ba sokewa ba ne: in kamfanin na gaske ne, zai ci gaba da lissafa maka bashi, shi ya sa imel ɗin ke fara tafiya.

In an sake cirewa bayan ranar da ke kan saƙonka, je banki ka cike takardar ƙalubalantar ciniki, ka rubuta cewa biya ne mai maimaituwa da aka soke ranar kaza, ka maƙala hotunan, ka karɓi lambar ƙorafi. Kamfanonin kati suna da wa'adi, galibi kwana 120 daga ranar cirewa, kuma kowace cirewa da nata lissafin, don haka a fara da wadda ta fi daɗewa. In banki ya yi shiru ko ya ƙi, da wannan lambar ƙorafin ake kai magana sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.