Hattara da mai sayar da tabaran jabu a Sabon Gari

Naira 18,000 na biya wani mutum a wajen Sabon Gari, kuma har yau idan na tuna yadda na ƙirga masa kuɗin da hannuna, raina ɓaci yake yi. Baƙin tabarau ne na 11,000 saboda hawan babur da nake yi kullum daga Tudun Wada zuwa Samaru, sai gilashin karatu na 7,000.

Ban sayi kayan nan da ka ba. Na san cewa UV400 na nufin gilashin yana tare hasken rana mai cutar da ido har zuwa nanomita 400, kuma shi na fara tambaya. Ya nuna mini 'yar sitika a jikin gilashin, ya ce, "Malam, wallahi da na cuce ka gara na kwana da yunwa." Wannan rantsuwar ce ta kashe mini jiki. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya saka mini da kansa, ni kuwa na gaskata shi.

Da na kai tabaran wani shagon gilashin ido aka ɗora shi a na'urar awo, sai ta nuna hasken yana wucewa sosai. Ma'aikaciyar ta ce duhun gilashi ba shi ne kariya ba, domin duhu yana sa ƙwayar ido ta ƙara buɗewa, hasken mai cutarwa ya shiga fiye da idan ban saka komai ba. Wata biyu ina yawo da shi cikin rana!

Kafin wannan ma, ciwon kai ne ya kai ni shagon, kuma na karatun ne sanadi. An rubuta +2.00 a hannunsa, amma da aka auna, ɓangaren dama da na hagu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta sa na riƙe shi nesa da fuskata, na rufe ido ɗaya, na kalli gefen ƙofa ina motsa shi a hankali. Miƙaƙƙen layin nan ya riƙa lanƙwashewa a gabana. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba, da na yi shi a gaban teburinsa da 18,000 ɗina tana aljihuna.

Na koma sau uku, ba shi ba teburinsa, lambarsa kuma a kashe. Hoton sitikar da takardar awon suna hannuna, zan saka su da yamma insha Allah.

Sitika kowa na iya liƙa ta, saboda haka ku kai a auna, kuma ku yi gwajin layin kafin ku biya. Ni dai rantsuwar nan ce ta fi kuɗin yi mini ciwo, kuma ban yafe masa 18,000 ɗina ba.