Sharhi kan Exit: wasan kuɓuta daga ɗaki da ya iya taimakon mai wasa ba tare da ya kunyata shi ba

Exit wasa ne na kuɓuta daga ɗaki da aka zuba cikin ɗan ƙaramin kwali. Kamfanin Kosmos na Jamus ya fito da shi a 2016, Inka Brand da mijinta Markus Brand ne suka tsara shi, kuma a 2017 ya ci Kennerspiel des Jahres, kyautar gwarzon wasan shekara na gogaggun 'yan wasa, a can Jamus. Jerin wasanni ne, kowane kwali da labarinsa, kuma wanda na buga da ƙannena shi ne The Abandoned Cabin, ɗaya daga cikin ukun farko. Labarin gajere ne: mota ta lalace muku a daji, kun kwana a wata bukka, gari ya waye kun tarar an garƙame ƙofa, ba abin da aka bar muku sai littafi da wani faifai. Ni da nake haɗa wa yara irin waɗannan wasanni na wasa ƙwaƙwalwa lokacin hutu, ginin wasan na je kallo, kuma a nan na fi ƙaruwa.

Kowace matsala a wasan tana da alamarta, irin su wata ko tauraro. Alamar tana jikin kwaɗon da ke hoton ɗakin a cikin littafin, tana kan faifan, tana kuma bayan katunan taimako. Amsa yawanci lambobi uku ce. Za ka juya zobban faifan har lambobin su jeru ƙarƙashin alamar, sai wata 'yar taga ta nuna maka lambar katin da za ka ɗauka. In ka yi kuskure, katin zai faɗa maka nan take. In kana kan hanya, sai ya tambaye ka a jikin wane abu ka ga alamar, daga nan ya tura ka wani katin. Wannan tambaya ta biyu tana rage cin nasara da sa'a, domin wanda ya juya faifai da ka bai cika wucewa ba.

Ba zan tona amsar ko ɗaya ba, don haka ga misali nawa da na gina a kan wannan tsari. A ce akwai aljihun tebur mai kwaɗo da alamar tauraro. Kati mai tauraro ya nuna kwalabe uku a jere: ja, kore, shuɗi. A hoton ɗakin akwai jajayen abubuwa huɗu, koraye biyu, shuɗɗa bakwai. Amsa ita ce 427. Alamar ta gaya maka kati da kwaɗon tare suke, launi ya gaya maka abin da za ka ƙirga, jerin kwalaben ya gaya maka wace lamba ce farko. Cire ɗaya daga cikin ukun nan, sarƙar ta tsinke. In babu jerin kwalabe, lambobin nan uku suna iya jeruwa ta hanya shida, mai wasa ya koma gwaji. In kuwa mai zane ya sa wani tulu da launinsa ke tsakanin ja da ruwan lemo, wani zai ƙirga huɗu, wani biyar, kuma kowannensu yana da gaskiya. Da ka ga mutum biyu sun fito da amsa biyu, kowa da hujjarsa mai ƙarfi, to ginin ne ya karkace.

Abin da ya fi burge ni shi ne katunan taimako. Kowace alama tana da guda uku, ana buɗe su bi da bi. Na farko yana faɗa maka kayan da kake buƙata kafin ka iya warware matsalar, ya ɗan haska maka hanya. Na biyu yana kai ka bakin amsa. Na uku shi ne amsar da bayanin yadda aka same ta. A misalina, katin farko zai ce kana buƙatar katin kwalabe da hoton ɗaki, ka lura da launi. Na biyu ya ce ƙirga abubuwan kowane launi. Na uku ya ce 427, ga dalili.

Katin farkon nan na fi daraja, ga kuma hujjata. Maƙalewa iri biyu ce a wannan wasa. Akwai wanda duk kayan suna gabansa, dabara ce ba ta faɗo masa ba, kuma wannan ita ce wahalar da ya biya kuɗi don ya sha. Akwai kuma wanda yake fama da matsalar da rabinta ke kulle a akwatin da bai buɗe ba tukuna. Shi wannan ko zai kwana yana tunani ba zai fita ba, kuma bai san halin da yake ciki ba. A wannan kwali katuna sukan zo hannunka kafin lokacin amfaninsu, don haka maƙalewa ta biyu tana faruwa. Katin farko yana raba maka biyun cikin layi ɗaya: in ya ambaci katin da ba ka da shi, sai ka ajiye, ka koma wani wuri, ba a taɓa maka daɗin warwarewa ba. A kacici-kacicin da muka taso da shi, in ka gaza sai ka ba da gari a faɗa maka amsa gaba ɗaya. Nan an sa matakai biyu kafin ka kai ga ba da garin.

Hukuncin neman taimako ma da sauƙi. Babu agogon da ke ƙarewa ya ce kun faɗi. Lokaci kawai kuke aunawa. A ƙarshe ana ba da taurari har goma gwargwadon lokacin da kuka ɓata da yawan katunan da kuka buɗe, kuma dokar ta ce katin da bai ƙara muku wani sabon sani ba, ba a ƙirga shi. Wannan ƙaramar doka ta canza zamanmu. Ƙanwata, wadda ba ta son a ce ta gaza, ita ce ta ce, "Yaya, mu buɗe na farkon mu gani, in abin da muka sani ne ai ba a ci mu komai ba." Da babu dokar, da mun zauna muna jan rai har kowa ya gaji.

Ma'aunin da nake gwada adalcin matsala da shi shi ne abin da mutane ke faɗa bayan sun ga amsa. In suka ce "Kash, ga shi a gabanmu!", matsalar ta yi adalci ko da ta kayar da su. In suka ce "To ta yaya za mu san wannan?", akwai mahaɗin da mai ginin ya bari a kansa bai sa a takarda ba. A zamanmu "kash" ɗin ne ya yi yawa.

Kafin ka saya, ka san cewa sau ɗaya ake buga shi, domin za a yi rubutu a kan kayan, a lanƙwasa, a yanka da almakashi, kuma kada ka jefar da komai kafin ku gama. Bugun da na samu na Turanci ne, sai a samu mai karanta shi sosai a cikinku. Littafin guda ɗaya ne kuma ƙarami, don haka a ganina mutum biyu ko uku sun fi jin daɗinsa. Wanda bai taɓa irin wasan ba zai iya farawa da The Sunken Treasure, inda ake bin matsalolin ɗaya bayan ɗaya, shafi bayan shafi.