Wata huɗu ina aiki da ofishin kai kaya: abin da na gani

Atamfa da leshi nake sayarwa daga gida. A Kantin Kwari nake sarowa, ciniki kuwa kusan duk a WhatsApp ake ƙulla shi. Wata huɗu ke nan da na koma ba wani ofishin masu kai kaya a nan Kano aikina, kuma ba saurin baburansu ne ya riƙe ni ba. Yadda suke lura da kayan da suka maƙale a hannunsu ne.

Duk ƙunshin da na kai musu, sai su manna masa lamba su shigar a rajista. Da ƙarfe 10 na safe da kuma 6 na yamma saƙo yana shigo min, kowane ƙunshi da layinsa: lamba, unguwa, halin da yake ciki, da kwanakin da ya yi a ofis. Wanda bai tafi ba, ɗayan uku za a rubuta masa: jiran adireshi, jiran biya, ko jiran ɗauka. A da, mai babur ɗin da nake ba kaya amsarsa ɗaya ce, "Hajiya, yana hanya." Yanzu da na duba na san wa ake jira, ni ko mai saye.

Akwai turmi uku na atamfa da wata baiwar Allah ta saya daga Rijiyar Zaki, su ne suka nuna min amfanin tsarin, don sai da suka bi ta matakan nan uku kaf. Kwatancen da ta bayar shi ne "bayan masallaci, gida mai baƙin get". Duk wanda ya san unguwar ya san wannan ba kwatance ba ne. Yarinyar da ke kan rajista ba ta bari babur ya fita ba. Ta kira sau biyu, waya a kashe, sai ta sa masa jiran adireshi, har da lokacin da ta yi kiran. Da na gani da yamma na nemi matar, ta turo lokeshan da lambar ƙaninta. Da an fita neman gidan aka rasa, ni zan biya kuɗin zuwa na biyu.

Washegari ƙunshin ya koma jiran biya. Ta turo hoton rasit cewa ta yi tiransifa, ni kuwa ban ga komai a asusuna ba. Ƙa'idarsu ita ce hoton rasit ba biya ba ne, ba sa sakin kaya sai mai kaya ya ce kuɗi ya shigo. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa, na ga 'yan kasuwa da dama da rasit na bogi ya cuta, don haka wannan ƙa'ida ta kwanta min. Ita dai ba yaudara ta yi ba, matsalar banki ce, kuɗin ya koma mata da daddare ta sake turowa. Daga nan ta ce ƙaninta zai zo ofis ya karɓa, aka mayar da shi jiran ɗauka. Kwana uku suke ajiyewa kyauta, bayan haka naira 200 kullum, kuma ranar ƙarshe ta kyauta tana rubuce a rahoton. A kwana na biyu ya zo, ya faɗi lambar ƙunshin, ya sa hannu.

Inda suka gaza shi ne a kan jiran biya. Ba sa bambanta kuɗin kaya da kuɗin kaiwa. Na taɓa barin ƙunshi huɗu suka kwana biyu ina zaton masu saye ne ba su biya ba, ashe kuɗin kaiwa ne, naira 1,500 kowanne, wanda ni na yi alkawarin biya na manta. Ɗaya daga cikinsu ankon biki ne, kuma wallahi na ji kunyar mai ankon ƙwarai, don tela take jira ta kai wa. Na yi wa manajan magana, ya ce za su gyara, har yau dai kalmar ɗaya ce, sai na kira na tambaya wane kuɗin ake nufi.

Rahoton yammacin Juma'a ma yakan makara. Kayan da za su fita Kano kuwa, da zarar sun miƙa wa direba a tasha sai su rubuta "an tura", su ba ni lambarsa, bibiyar ta ƙare a nan. Saboda haka kayan Kaduna da Abuja ni nake bi da kaina, na cikin gari kuma na bar musu, sai dai kowace safiya layin da na fara dubawa shi ne wanda ya haura kwana biyu.