Sil uku na canza kafin na samu makanikin da ya duba boris

Famfon da nake ban ruwa da shi a gonata ta wajen Kura mai farfela ne, inci uku, injin lantarki ke juya shi sau 2,900 a minti. A ranin da ya wuce sau uku ina canza masa sil, wato abin da ke tare ruwa a inda shaf, sandar ƙarfen da ke juya farfela, ya ratsa cikin famfon. Kowanne sai ya yi mako biyu ko uku ya fara ɗiga, ni kuma in ɗora wa masu sayar da kaya laifi. Da na gaji, wani maƙwabcin gona ya haɗa ni da wani makaniki daga Kano, kuma aikinsa nake son in ba da labari.

Da ya iso bai taɓa sabon sil ɗin da na saya ba, tsohon ya ce in miƙo. Sil fuska biyu gare shi masu gugar juna: baƙa ta kabon mai juyawa da shaf, da fara ta tangaran da ke zaune wuri ɗaya, sifirin na matse su. Ya ɗaga farar a rana ya nuna min zanen da baƙar ta bari a kanta. Zanen ya fi faɗin baƙar fuskar kanta. Ya ce, "Alhaji, ka ga wannan? Shaf ɗinka rawa yake yi. Ko sil na zinariya ka sa, sai ya yi yoyo."

Sai ya ɗaura agogon awo a kan shaf ya juya da hannu. Allurar ta nuna milimita 0.15, alhali bai kamata ta wuce 0.05 ba. Da ya buɗe gidan boris na ga abin da ya tayar min da hankali. Giris ɗin ya koma kamar kunu, ga jan tsatsa a ciki, ƙwallayen duk sun yi tabo. Ashe ruwan da sil ke ɗigarwa shi ke bin shaf ya shiga boris ya wanke giris, boris ya saki, shaf ya ƙara rawa, sabon sil ya sake lalacewa. Watanni ina jin famfon yana gurnani, murfin boris ba ya taɓuwa don zafi, amma ban haɗa wannan da yoyon ba.

Tushen matsalar kuwa a wurin haɗin injin da famfo yake. Tun ranar da muka ɗaga injin don gyaran waya, da ido aka mayar da shi aka ɗaure, sai ya zauna ƙasa da famfon da kusan rabin milimita. Robar da ke tsakaninsu ta ɓoye karkacewar, boris ya ɗauki wahalar. Makanikin ya yi fiye da awa ɗaya yana cusa siraran ƙarafa a ƙarƙashin ƙafafun injin, yana ɗaurewa yana sake awo, har bambancin ya dawo ƙasa da 0.05.

Yadda ya sa boris ɗin ma ya bambanta da abin da na saba gani. Guda biyu ne, lamba 6306. Bai ɗauki guduma ba. Ya ɗumama su zuwa wajen digiri 100, suka zame kan shaf da kansu, domin duka yana barin lotsa a hanyar ƙwallayen tun kafin a kunna inji. Giris kuma bai cika gidan ba, bai ma kai rabi ba, ya ce in ya yi yawa ƙwallayen ke ta dama shi sai ya haifar da zafi. Sil ɗin da ruwan sabulu ya zura shi, don baƙin mai yana kumbura wasu robobin, kuma ya hana yaronsa taɓa fuskokin da yatsa. Ya kuma sa na canza zuwa mai fuskar silikon kabaid saboda yashin da ke ruwanmu.

Akwai laifin da nawa ne. Bawul ɗin gindin tiyo ba ya riƙe ruwa, yara kan kunna famfo a bushe suna jiran ya ja. Siririn ruwan da ke tsakanin fuskokin sil shi ne mai sanyaya su, in babu shi cikin ɗan lokaci suke ƙonewa. An canza bawul ɗin, yanzu sai an cika famfon da ruwa kafin a kunna.

Inda ban ji daɗi ba, ya ce yini ɗaya amma aikin ya ci kwana biyu, tumatir yana jiran ruwa, saboda bai zo da boris ba sai da aka koma gari. Kuɗinsa ma ya kusan ninka na sauran makanikai. Duk da haka zan sake kiransa. Wata huɗu ke nan ƙarƙashin famfon a bushe yake, kuma bayan awa uku yana aiki ina iya ɗora tafin hannuna a murfin boris in bar shi.