Soket mai murfi ko RCD, wanne ke kare mutum a waje?

Wai na sa soket mai murfi IP66 shikenan, haba! Shi dai ruwa yake hanawa shiga, muddin robar murfin bata tsage ba kuma waya ta kasa ta shigo. Amma in wayar injin wanki ta kwaile ka taba da jikakken hannu, ba ruwan murfi da kai.

RCD kuwa, wato makatsin wuta mai kare mutum daga shokin, baya tare ko digon ruwa, auna wutar da ta tafi da wacce ta dawo yake, da 30mA ta zurare ta jikinka sai ya katse nan take, birekar 16A ko motsi ba zata yi ba. Ni dai duka biyun, soket mai murfi da RCD, nake sawa, sannan duk wata 6 in danna maballin gwaji T da ke jikin RCD din, in bai fadi ba a canza shi.